Doki ɗaya cheval, dawaki chevaux: tambayoyi da amsoshi kan jam'in sunaye a Faransanci

Na daɗe ina koyar da Faransanci ga yaran da Hausa ce harshen gidansu, kuma duk shekara idan muka iso babin jam'i, tambayoyin da ake ɗaga hannu a yi mini kusan iri ɗaya ne. Na tattara su a nan tare da amsoshin da nake bayarwa a aji. Wanda ke shirin jarrabawa a Damagaram ko Maraɗi, da wanda ya ɗauki Faransanci a sakandare a Kano ko Katsina, duk wuri ɗaya takalmin ke matsa musu.

Me ya sa ba a cewa *chevals*, alhali an koya mana cewa s ake ƙarawa?

Gaskiya ne, yawancin sunayen Faransanci s kawai ake liƙa musu a ƙarshe: *un livre, des livres*, *une maison, des maisons*. Ita ma wannan s ɗin ba a furta ta, ido ne kaɗai ke ganinta, kunne kuwa daga *le* da *les* ko *un* da *des* yake gane ko abu ɗaya ne ko da yawa.

*Cheval* ma da s ya fara. Kalmar ta fito daga *caballus* na Latin, kuma a tsohon Faransanci jam'inta *chevals* ne. Abin da ya faru shi ne, wajen ƙarni na 11 zuwa na 12, bakin mutanen arewacin Faransa ya daina furta l sosai idan wani baƙi ya biyo bayanta. Sai l ɗin ta narke ta koma kamar wasalin u. A tilo ba abin da ke bin l ɗin *cheval*, don haka ta tsira. A jam'i kuwa s na biye da ita, sai *chevals* ya zama *chevaus*. Wannan narkewar ba ta tsaya ga jam'i kaɗai ba. Ita ce ta mai da *alba* na Latin ya zama *aube*, wato asuba, ita ce kuma ta haɗe *à* da *les* suka zama *aux* da muke rubutawa kullum. Duk lokacin da ka rubuta *aux enfants*, abin da ya sami *cheval* ne ya sami alƙalaminka.

To ina x ta fito? Daga hannun marubuta. A zamanin da ake kwafar littattafai da hannu a kan fata mai tsada, masu kwafa suna da wata alama ta taƙaita *us* a ƙarshen kalma, kuma alamar ta yi kama da x. Sai su rubuta *chevax*, amma a karanta *chevaus*. Da tafiya ta yi tafiya, na baya suka manta cewa wannan x ɗin tana ɗauke da u a cikinta. Suka ga ana jin u a baki amma ba ta a takarda, sai suka mayar da ita, suka kuma bar x a inda take. Haka aka sami *chevaux*. Har an yi wani zamani da wasu ke ƙara l ɗin asali su rubuta *chevaulx*, daga baya aka sauke ta.

Ina yawan ce wa ɗalibaina, Bahaushe ne ya fi kowa cancantar ya fahimci wannan. Mu da muke cewa doki, dawaki, akuya, awaki, tunkiya, tumaki, sa, shanu, ba mu taɓa jin abin ya yi mana nauyi ba, domin da shi muka tashi. Dokin Faransa bai kai namu sauya kama ba.

Ke nan duk sunan da ya ƙare da *-al* sai ya koma *-aux*?

Mafi yawa, e. *Journal, journaux*, *animal, animaux*, *hôpital, hôpitaux*, *tribunal, tribunaux*, *général, généraux*, *canal, canaux*, *mal, maux*. Idan ka ci karo da sunan da ba ka sani ba mai ƙarewa da *-al*, ka zaɓi *-aux*, da wuya ka faɗi.

Amma akwai ƴan tsiraru da ke ɗaukar s, kuma su ne masu jarrabawa ke so. Shida ne ya kamata su zauna a kai: *bal, carnaval, chacal, festival, récital, régal*. Jam'insu *bals, carnavals, chacals, festivals, récitals, régals*. Yawancinsu baƙi ne da suka shigo harshen bayan narkewar l ta riga ta wuce. *Carnaval* daga Italiyanci aka aro shi a ƙarni na 16, *festival* da *récital* daga Ingilishi a ƙarni na 19, *chacal*, wato dila, ya biyo ta Turkanci. Sun iso an gama rabon, sai aka ba su s irin ta kowa.

Kada dai a ɗauki wannan a matsayin ƙa'ida mai yanke hukunci. Akwai sababbin kalmomi da suka bi sahun tsofaffi, kamar *terminal* da ake cewa *terminaux*. Tarihi yana taimaka wa tunawa ne, ba ya maye gurbin hadda. Akwai kuma masu fuska biyu, irin *idéal*, wanda *idéals* da *idéaux* duk daidai ne.

Na ji an ce yanzu an yarda a rubuta *chevals*. Haka ne?

A'a. Jita-jita ce da ta daɗe tana yawo. Gyaran rubutu na 1990, wanda zan yi bayaninsa a ƙasa, bai taɓa wannan kalmar ba. *Chevaux* ne, jiya da yau.

Sifa ma tana bin wannan hanyar?

Tana bi, amma ga namiji kawai, kuma a nan ne nake ganin maki na zubewa fiye da ko'ina. *Un hôpital national, des hôpitaux nationaux*. Yaro ya koyi wannan, ya ji daɗinsa, sai ya rubuta *des routes nationaux*. Kuskure ne. *Route* tamace ce, sifarta a tilo *nationale* ce, da e a ƙarshe. Tunda e ta shiga tsakanin l da s, l ba ta da dalilin narkewa, sai a sami *des routes nationales*. Haka *des langues locales*, *des écoles normales*, *des élections régionales*. Kafin ka rubuta *-aux* a jikin sifa, dubi jinsin sunan tukuna.

Ƴan sifofi kaɗan suna ɗaukar s ko ga namiji: *fatal, natal, naval, bancal*, da *banal* a ma'anarsa ta yau da kullum. Ana cewa *des combats navals*, *des pays natals*.

Sunaye masu ƙarewa da *-ail* fa? *Travail* ya zama *travaux*, amma *détail* ya zama *détails*.

A nan lissafin ya juye. A gidan *-al*, *-aux* ce ƙa'ida, s ce baƙuwa. A gidan *-ail* kuwa s ce ƙa'ida: *détails, rails, portails, éventails*. Bakwai ne aka saba lissafawa masu komawa *-aux*: *bail, corail, émail, soupirail, travail, vantail, vitrail*. A cikinsu, wanda za ka yi ta haɗuwa da shi kowace rana shi ne *travaux*, a allon gefen hanya inda ake gyaran titi, da kuma *travaux pratiques* a makaranta. *Baux*, jam'in *bail*, yarjejeniyar haya, sai mai aikin shari'a ko dillancin gidaje. Sauran ba sa fitowa sosai sai a takardar jarrabawa.

Abu ɗaya da ya shafi makiyaya da masu karatun dabbobi: *bétail* ba shi da jam'i, domin shi kansa taro yake nufi, kamar mu ce garke. Idan ana son ƙirga dabbobin sai a ce *des têtes de bétail*, ko a yi amfani da wata kalma dabam, *bestiaux*.

Wace dabara ce ta riƙe kalmomin nan masu *-oux*?

Bakwai ne, kuma a jere da haruffa ake haddace su: *bijou, caillou, chou, genou, hibou, joujou, pou*. Kayan ado, tsakuwa, kabeji, gwiwa, mujiya, abin wasan yara, kwarkwata. Waɗannan ne ke ɗaukar x. Duk sauran masu *-ou* s suke ɗauka: *clous, trous, cous, fous, sous, voyous*, har da babbar rigarmu, *un boubou, des boubous*.

Wasu daga cikin bakwai ɗin suna da dalili irin na *cheval*. *Genou* da *pou* a da *genouil* da *pouil* ne, da l a ƙarshe, don haka x ɗinsu gado ce. Amma *verrou*, sakata, shi ma *verrouil* ne a da, ga shi kuma *verrous* ake rubutawa. Wannan ya nuna cewa jerin ba hankali ne ya tsara shi ba, al'adar rubutu ce ta daskare a haka. Shi ya sa ba na ɓata lokacin aji wajen neman masa hujja. A rera shi sau goma da safe, ya zauna.

Masu *-eau*, *-au* da *-eu*?

Waɗannan masu sauƙi ne, x suke ɗauka kusan dukkansu: *chameaux, bateaux, couteaux, tuyaux, cheveux, neveux, jeux, feux*. Da yawa cikinsu ma l ce a asalinsu. *Château* a da *chastel* ne, *cheveu* kuma *chevel*. Bambancinsu da *cheval* shi ne, su jam'in ne ya rinjayi tilon har tilon ya ɗauki kamarsa. Ragowar tsohuwar l ɗin tana nan a *bel homme* da *nouvel an*, kusa da *beau* da *nouveau*.

Biyu ne ya kamata a kiyaye: *pneus* da *bleus*. *Pneu*, tayar mota, gutsuren *pneumatique* ne, sabuwar kalma, ba ruwanta da tsohon gado. Ana ƙara *landaus*, *sarraus* da *émeus* a jerin, amma ba kasafai ake buƙatarsu ba. Sunan da kuma ya riga ya ƙare da s, x ko z, ba a ƙara masa komai: *un prix, des prix*; *un nez, des nez*; *un pays, des pays*.

Akwai waɗanda ke sauya kama gaba ɗaya kamar mace da mata?

Akwai, kaɗan. Babbansu *œil*, ido, wanda jam'insa *yeux* ne. Sai *ciel* da ke zama *cieux* a harshen addini da waƙa, amma *ciels* idan ana maganar sararin da mai zane ya zana. *Aïeul* yana da jam'i biyu masu ma'ana biyu: *aïeuls* su ne kakannin da suka haifi iyayenka, *aïeux* kuwa kaka da kakanni na can baya.

Akwai kuma waɗanda a takarda ba su da wata matsala, a baki ne suke sauyawa. *Un œuf* ana jin f ɗinsa, *des œufs* ba a ji. Haka *un bœuf, des bœufs*. *Un os* ana jin s, *des os* ba a ji. Wanda ya je kasuwa sayen ƙwai ya furta f a jam'i, za a fahimce shi, amma a jarrabawar baki malami zai lura.

Sai waɗanda ke sauyawa a ciki. *Monsieur* asalinsa *mon* da *sieur* ne aka haɗe, don haka jam'insa *messieurs*. *Madame, mesdames*, *mademoiselle, mesdemoiselles*, *bonhomme, bonshommes*, a nan har ana jin s ɗin tsakiya kamar z. A kan ambulan ko a farkon wasiƙar aiki, taƙaicen *messieurs* shi ne *MM.*, na *mesdames* kuma *Mmes*.

Mu koma kan harɗaɗɗun sunaye masu karan ɗori. A ina ake sa s, gaba, baya, ko duka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace tsorata ɗalibai, kuma ni a ganina ta fi ta *-oux* sauƙi nesa ba kusa ba, domin ita da tunani ake warware ta. Ƙa'idar tushe guda ce: suna da sifa ne kaɗai ke iya ɗaukar alamar jam'i. Aikatau ba ya ɗauka, bayanau ba ya ɗauka, ƙananan kalmomi irin su *de, à, en, sous, avant, sans* ba sa ɗauka. Saboda haka aikin farko shi ne ka raba kalmar a wurin karan ɗorin, ka tambayi kowane ɓangare: kai wane ne?

Idan sifa ce da suna, duka biyun suna ɗauka. *Un coffre-fort, des coffres-forts*. *Un beau-frère, des beaux-frères*. *Une belle-sœur, des belles-sœurs*. *Un rond-point, des ronds-points*. *Une sage-femme, des sages-femmes*. Mu ma haka muke yi: farin doki, fararen dawaki.

Idan suna biyu ne, sai a ƙara tambaya ta biyu. Shin abin duka biyun ne a lokaci ɗaya? *Sapeur-pompier*, ɗan kwana-kwana, *sapeur* ne kuma *pompier* ne, mutum ɗaya mai suna biyu, don haka *des sapeurs-pompiers*. Haka *des lieutenants-colonels*, *des choux-fleurs*, *des chefs-lieux*, da *des taxis-motos*, kabu-kabun da ke cika titunan Maraɗi. Amma *timbre-poste* ba kan sarki ne kuma gidan waya ba, kan sarki ne na gidan waya, *timbre de la poste*. Kawunan sarkin ne suka yi yawa, gidan wayar yana nan ɗaya: *des timbres-poste*. Haka *des stations-service*, *des pauses-café*, *des années-lumière*.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa. Muna cewa jirgin sama, jiragen sama, ba mu cewa jiragen sammai. Ɗan sanda, ƴan sanda, ba ƴan sanduna ba. Gidan sauro, gidajen sauro. Kan kalmar ne ke yawaita, mai bayaninsa ya tsaya yadda yake. Duk yaron da na tuna masa da jiragen sama, bai ƙara sa wa *poste* s ba.

Idan ƙaramar kalmar haɗin ta fito fili a tsakiya, abin ya ƙara sauƙi, na farko kaɗai ke ɗauka: *un chef-d'œuvre, des chefs-d'œuvre*, *un arc-en-ciel, des arcs-en-ciel*. Bakan gizo ne da yawa, sama ɗaya ce. A lura, s ɗin *arcs* ba a furta ta ko da wasali na biye da ita, tilo da jam'i sauti ɗaya ne.

To me ya sa *tête-à-tête* ba ya sauyawa, alhali ginin iri ɗaya ne da *arc-en-ciel*?

Domin *arc-en-ciel* wani irin *arc* ne, amma *tête-à-tête* ba wani irin kai ba ne. Ganawa ce ta mutum biyu, kai da kai. Idan aka yi ganawa uku, ganawar ce ta yawaita, kalmar ganawa kuwa ba ta cikin rubutun, don haka ba inda za a liƙa s: *des tête-à-tête*. Haka *des pied-à-terre*, masauki, ba ƙafa ba ce. *Des pot-au-feu*, wani dafaffen nama da kayan lambu, ba tukunyar ake nufi ba.

Gwajin da nake ba ɗalibai shi ne su ce a ransu, wannan abin wani irin kaza ne? Idan amsar e ce, kalmar farko ta ɗauki s. Idan a'a ce, a bar ta.

Dangin waɗannan su ne sunayen da aka gina da aikatau biyu ko da guntuwar jimla: *des laissez-passer, des savoir-faire, des va-et-vient, des on-dit, des cessez-le-feu, des rendez-vous*. Ba ɗaya da ke sauyawa. Irinsu ne ka-ce-na-ce da faɗi-tashi da dafa-duka a wurinmu, ba wanda ke neman yi musu jam'i.

Ina wahalar take, idan haka ne?

Tana wurin aikatau da suna: *porte-monnaie, tire-bouchon, abat-jour, sèche-cheveux*. Ɓangaren farko ba gardama, aikatau ne, ba ya motsi. Na biyun ne ake ja-in-ja a kansa.

A tsohuwar ƙa'ida ma'ana ake bi. *Porte-monnaie* yana ɗaukar kuɗi ne, *la monnaie*, abin da ba a ƙirga shi ɗaya biyu, don haka *des porte-monnaie*, ba s. *Abat-jour* yana rage haske, hasken ɗaya ne: *des abat-jour*. *Tire-bouchon* kuwa murfin kwalba yake cirewa, murafe ana ƙirga su: *des tire-bouchons*. *Sèche-cheveux* gashi da yawa yake busarwa ko da na'urar ɗaya ce, don haka tun a tilo yana da x: *un sèche-cheveux*. Haka *un porte-avions*, *un compte-gouttes*.

A ido abin kamar yana da tsari, amma da an matsa shi sai ya watse. An daɗe ana rubuta *un cure-dent* ba s, a kuma rubuta *un cure-ongles* da s, kamar haƙori ɗaya ake sakacewa amma farce da yawa ake gyarawa. Ƙamus da ƙamus ma suna saɓa wa juna a kan kalma guda. Wannan rikicin ne ya sa aka yi gyara.

Wane gyara ne, kuma wanne zan bi a jarrabawa?

A 1989 firaministan Faransa na lokacin, Michel Rocard, ya kafa wata majalisar kula da harshen Faransanci. Ta kawo shawarwarin gyaran rubutu, Académie française, cibiyar da ke tsaron harshen a Faransa, ta amince da su, aka buga su a jaridar gwamnati ranar 6 ga Disamba 1990. A kan batunmu, abin da suka ce gajere ne. Idan harɗaɗɗen suna aikatau ne da suna, ko ƙaramar kalma irin *sans* ko *après* da suna, a ɗauke shi kamar kowane suna: a tilo ba alama, a jam'i alama a ƙarshe. Ke nan *un compte-goutte, des compte-gouttes*. *Un sèche-cheveu, des sèche-cheveux*. *Un abat-jour, des abat-jours*. *Un après-midi, des après-midis*. *Un sans-abri, des sans-abris*. An ware wurare biyu da ba a taɓawa: idan sunan yana farawa da babban baƙi, kamar *des prie-Dieu*, ko idan akwai *le* ko *la* a tsakiya, kamar *des trompe-l'œil*. Wasu kalmomin kuma aka cire musu karan ɗorin gaba ɗaya aka haɗe su: *portemonnaie, portemonnaies*, *millepatte, millepattes*.

Gyaran bai soke tsohon rubutu ba. Duka biyun daidai ne, kuma an faɗi haka tun farko. A Faransa ma sai a 2016 masu buga littattafan firamare suka rungume shi baki ɗaya, aka kuwa yi ta cece-kuce a kai kamar sabon abu.

Ra'ayina, sabuwar ƙa'idar ta fi, domin ta sauke wa yaro nauyin da ba ya ƙara masa komai a fahimtar harshe. Amma ɗalibi ba da ra'ayina zai ci jarrabawa ba. Yawancin littattafan da ke hannun yaranmu da tsohon rubutu aka buga su, malamai da yawa masu gyaran takardu ma da shi suka yi karatu. Shawarata ita ce, ka san duka biyun, ka bi wanda ke cikin littafin ajinku, kuma kada ka gauraya su a takarda ɗaya. Ga ƴan'uwana malamai kuwa roƙo nake yi: idan yaro ya rubuta *des après-midis* a shifta, wadda muke kira dikte, kada a ja masa jan biro. Bai yi kuskure ba.

Kalmar *garde* tana rikita ni. Wani wuri *gardes-*, wani wuri *garde-*.

Domin kalma biyu ce mai kama ɗaya. A tsohuwar ƙa'ida, idan mutum ake nufi, *garde* suna ne, mai gadi, sai ya ɗauki s: *des gardes-malades*, masu jinya. Idan abu ake nufi, *garde* aikatau ne, yana tsarewa, ba ya ɗauka: *des garde-fous*, ƙarafan gefen gada, *des garde-robes*. Gyaran 1990 ya daina wannan bambancin, ya ɗauki *garde* a matsayin aikatau ko'ina.

Su *demi*, *grand* da *nouveau* fa?

*Demi* idan ya zo gaba da karan ɗori ba ya motsi ko kaɗan, ba jinsi ba adadi: *une demi-heure, des demi-heures*, *des demi-frères*, *des demi-finales*. *Nouveau* a *nouveau-né* matsayin bayanau yake riƙe, wato wanda aka haifa yanzu-yanzu, don haka *des nouveau-nés*. *Haut* a *haut-parleur* ma haka, ba lasifikar ce doguwa ba, maganar ce da ƙarfi: *des haut-parleurs*. *Grand-père* ba matsala, *des grands-pères*. *Grand-mère* kuwa za ka ga *grands-mères* da *grand-mères*, duka an yarda da su, amma *grandes-mères* babu shi.

Waɗanda suka fara da *sous, vice, avant, arrière, contre* sunan baya ne kaɗai ke ɗauka: *des sous-préfets, des vice-présidents, des avant-postes, des contre-attaques*. Haka ɓangaren da ya ƙare da o: *les Anglo-Saxons*.

Za a iya nuna mana yadda ake yi a jimla guda, daga farko har ƙarshe?

Ga irin jimlar da nake rubutawa a allo:

*Le sapeur-pompier a montré son laissez-passer au sous-préfet, puis il a signé le procès-verbal devant le porte-parole.*

Ma'anarta, ɗan kwana-kwana ya nuna wa mataimakin shugaban gunduma takardarsa ta izinin wucewa, sannan ya sa hannu a takardar rahoto a gaban kakaki. Harɗaɗɗun sunaye biyar ne a ciki, kowanne da gidansa.

*Sapeur-pompier*: suna da suna, mutum ɗaya ne yake duka biyun. Kowanne ya ɗauki s.

*Laissez-passer*: aikatau biyu, umarni ne aka mai da shi suna, ku bar shi ya wuce. Ba inda s za ta zauna. Jam'insa a *leurs* kaɗai zai bayyana.

*Sous-préfet*: *sous* ƙaramar kalma ce, ba ta motsi, *préfet* suna ne, ya ɗauka. Kada kuma a manta da *au* da ke gabansa, zai koma *aux*.

*Procès-verbal*: a nan rabin farko na wannan shafin ya haɗu da rabin na biyu. *Procès* suna ne, ya kamata ya ɗauki alama, amma ya riga ya ƙare da s, sai a bar shi. *Verbal* sifa ce, namiji, mai ƙarewa da *-al*, kuma ba ta cikin su *fatal* da *naval*. L ɗinta ta narke: *procès-verbaux*. Wanda zai yi aikin ofis, ko na kotu, ko sakataren wata ƙungiya a Nijar, wannan kalmar zai rubuta ta ba adadi, kuma *procès-verbals* ne kuskuren da na fi gani a takardun manya, ba na yara kaɗai ba.

*Porte-parole*: kada a ruɗe da *porte* mai nufin ƙofa, wanda ke cikin *portes-fenêtres*. Wannan aikatau ne, yana ɗauke da magana. A tsohon rubutu maganar ɗaya ce, *des porte-parole*. A na 1990, *des porte-paroles*. Abin da ba ya halatta ta kowace hanya shi ne *portes-parole*.

Jimlar ta zama:

*Les sapeurs-pompiers ont montré leurs laissez-passer aux sous-préfets, puis ils ont signé les procès-verbaux devant les porte-parole.*

Idan ka karanta ta da ƙarfi, za ka ji cewa a cikin sunayen nan biyar, *verbaux* ne kaɗai ya sauya sauti. Sauran huɗun kunne ba ya jin komai a jikinsu, daga *les* da *ont* yake gane jam'i ne, *leurs* sautinsa ɗaya da *leur*, *aux* ma sautinsa ɗaya da *au*. Shi ya sa a dikte ba a dogara da abin da aka ji daga bakin malami. Idan ya ba da mintunan sake dubawa a ƙarshe, ka bi takardarka ka ja layi a ƙarƙashin kowace kalma mai karan ɗori, ka raba ta biyu, ka tambayi kowane ɓangare ko suna ne, ko sifa, ko aikatau.